Yadda ake gano nawa kaya suka tasar wa masana'anta

Tambaya: "Salamu alaikum Malam. Ina koyon akanta, kuma ina taya yayana riƙe littafin ƙaramar masana'antarsa ta sabulu a Kano. Na kasa bambance abin da ke shiga firaim kos da abin da ke shiga obahed, kuma duk sanda na haɗa lissafin sai kuɗin katan ɗaya ya fito daban. A taimaka a nuna min yadda ake yi tun daga farko."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda yake saro kaya ya sayar ya san nawa ya sayo, domin yana da rasit a hannu. Wanda yake sarrafa kayan da kansa ba shi da wannan rasit ɗin. Yana da rasit na mai, na soda, na gas ɗin janareta, da takardar albashi, amma babu wata takarda guda da ta ce katan ɗin sabulu ya tsaya masa a kan kaza. Lissafin masana'anta shi ne yake samar da wannan adadin, daga nan a ɗauke shi a kai gurbin da ɗan kasuwa yake rubuta kayan da ya saro.

Kafin kowane kuɗi ya shiga wannan lissafin sai ka yi masa tambayoyi biyu a jere. Ta farko: an kashe shi ne wajen yin kayan, ko wajen gudanar da ofis da sayarwa? In na ofis ne ko na kasuwa, ba shi da gurbi a nan ko kaɗan, wurinsa lissafin riba da asara. In na yin kayan ne, sai ka yi ta biyu: za a iya bin sawunsa har a ce ga rabon da ya shiga cikin wannan katan ɗin? In za a iya, kuɗin kai-tsaye ne, kuma jimillarsu ita ce firaim kos ɗin da kake tambaya. In ba za a iya ba, ɗawainiyar masana'anta ce, wato obahed. Akwai kuma sharaɗi na uku da ya hau kan dukkansu: abin da ake rubutawa shi ne abin da aikin shekarar ya ci, ko an biya ko ba a biya ba. Abin da aka sayo aka ajiye, ko aka biya na baɗi, ba ya shiga. Mafi yawan lokacin da lissafin katan ya riƙa yawo, daga wannan sharaɗin ne matsalar take.

Mu ɗauki misalin masana'antar sabulun wanki na sanda, shekarar da ta ƙare ranar 31 ga Disamba, 2024. Alƙaluman na misali ne, ka sauya su da na littafinku.

A fara da ɗanyen kaya, wato man ƙwarar manja, soda, turare, launi, da leda da kwalin da ake zuba sabulun. Ledar da kwalin suna cikin ɗanyen kaya, domin sabulun ba ya fita kasuwa sai da su, kuma an san adadin da kowane katan yake ci. Ranar 1 ga Janairu akwai ɗanyen kaya na N2,400,000 a sito, ragowar bara. A cikin shekara an sayo na N31,000,000. An biya N1,200,000 kuɗin motar da ta kawo man daga Kudu har ƙofar sito. Wannan kuɗin motar ana haɗa shi da kuɗin kayan, saboda man da ke Fatakwal ba shi da amfani ga tukunyar da ke Sharaɗa sai ya iso. An kuma mayar wa dillali wasu durom-durom na mai da suka zo gauraye da ruwa, na N600,000, don haka a cire su. Abin da ya samu a hannu domin aiki ke nan N34,000,000. Ranar 31 ga Disamba aka shiga sito aka ƙirga, aka tarar da saura na N3,500,000. Wannan bai shiga tukunya ba, na shekara mai zuwa ne. Ɗanyen kayan da aka yi amfani da su sun zama N30,500,000.

Ka lura cewa an sayo na miliyan 31 amma an ci na miliyan 30 da rabi. Wanda ya ɗauki adadin saye ya wuce da shi bai yi nisa da gaskiya ba a bana, amma shekarar da maigida ya tara mai da yawa don gudun tashin farashi, bambancin zai kai miliyoyi. Kuma ƙirgar sito da ido ake yi, da sikeli da sandar awo a cikin durom, ba daga littafi ake kwafowa ba. In maigida ya ɗebi jarka biyu na mai ya kai gida, a rage su daga kayan da aka sayo a rubuta a asusunsa na abin da ya ɗauka.

Sai ladan ma'aikatan kai-tsaye, waɗanda hannunsu yake kan sabulun: mai dafawa, mai kula da injin da ke fitar da sanda, masu yanka, masu buga tambari, masu naɗewa da zubawa a katan. An biya su N7,600,000 a shekarar. Amma ladan makonni biyun ƙarshe na Disamba, N400,000, sai a Janairu aka biya. Aikin an yi shi a Disamba, sabulun da suka yi yana cikin ƙirgar bana, don haka dole a ƙara. Lada ya zama N8,000,000.

Kashi na uku shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa da shi, saboda ba kowace masana'anta ke da shi ba: kuɗaɗen kai-tsaye waɗanda ba ɗanyen kaya ba, ba kuma lada ba. A misalinmu, ana yin sabulun ne da suna da haɗin wani kamfani, ana biyansa N300 a kan kowane katan da aka yi. An yi katan 5,000, ya kama N1,500,000. Hayar wani inji da aka ɗauko musamman domin odar mutum ɗaya ita ma nan take shiga. Alamar irin wannan kuɗin ita ce in ba a yi katan ɗin ba, ba za a biya shi ba.

Idan ka haɗa ukun, N30,500,000 da N8,000,000 da N1,500,000, kuɗin kai-tsaye ya zama N40,000,000.

Yanzu ɗawainiyar masana'anta, inda aikin ya fi bukatar natsuwa. Akwai mutanen da suke aiki a cikin masana'antar daga safe zuwa yamma amma ba sa taɓa sabulun: fomàn da ke duba aiki, mai riƙe da siton ɗanyen kaya, makanike, mai shara, maigadin ƙofar masana'anta. Albashinsu N2,400,000. Ba za ka iya cewa maigadi ya ba wannan katan ɗin minti kaza ba, shi ya sa ba ya cikin kuɗin kai-tsaye. Amma akawun ofis da direban da ke raba kaya a Singa da Sabon Gari ba sa shiga ko nan ɗin, su na ofis ne da na sayarwa.

Wuta da gas ɗin janareta sun ci N5,000,000. Janareta ɗaya ce take ba injina wuta, ita ce kuma take juya fankar ofis da kwamfuta. Sai an raba. Hanya mafi inganci ita ce a duba ƙarfin wutar da kowane ɓangare yake ja, ko a sa wa ofis ƙaramar mita. A nan mun ce kashi 80 cikin 100 na masana'anta ne, wato N4,000,000. Ragowar N1,000,000 ta tafi lissafin riba da asara. Wani zai ce ai wuta tana ƙaruwa idan aiki ya ƙaru, me ya sa ba kuɗin kai-tsaye ba ce? Amsar ita ce babu wanda yake auna litar gas a kan kowane katan, kuma janareta tana shan mai ko tukunya ɗaya aka ɗora ko uku. Ƙaruwa tare da yawan aiki abu ɗaya ne, iya bin sawu abu ne daban.

Haya tana da gyara biyu, kuma akwai wanda ake fara yi. An biya mai gida N2,500,000 na wata 15, daga Janairun 2024 zuwa Maris ɗin 2025. Wata uku na ƙarshe ba na bana ba ne, kuɗinsu N500,000, a fara cire su. Hayar shekara ta zama N2,000,000. Bayan nan ne ake rabawa bisa faɗin fili. In masana'anta da siton ɗanyen kaya sun cinye kashi uku cikin huɗu na ginin, rabonsu N1,500,000. Wanda ya fara rabawa sannan ya cire duka N500,000 daga kason masana'anta zai samu N1,375,000, ya ɗora wa ofis nauyin da ba nasa ba.

Injina an saye su N12,000,000. Ba a zuba wannan kuɗin a lissafin shekara ɗaya, domin injin zai yi shekaru yana aiki. Abin da ke shiga shi ne raguwar darajarsa ta bana. In an ƙiyasta zai yi shekara 10, kowace shekara tana ɗaukar N1,200,000. Wannan ne kuɗin da masu ƙananan masana'antu suka fi tsallakewa, don babu ranar da aka zaro shi daga aljihu. Ranar da injin ya kwanta ne ake gane cewa duk shekarun nan ana sayar da sabulu ba a sa rabonsa a farashi ba. Raguwar darajar motar raba kaya da ta kujerun ofis ba ta nan ba ce. Sai gyaran injina, giris, bel, safar hannu da takunkumin ma'aikata, N900,000. Giris kaya ne da aka saya aka yi amfani da shi, amma ba ya zama sabulu, don haka ɗawainiya ne.

Jimillar ɗawainiya N10,000,000. Haɗe da kuɗin kai-tsaye, aikin shekara ya ci N50,000,000.

Ba a gama ba tukuna. Ranar da aka rufe littafi ba a tarar da masana'anta fayau ba. Akwai sabulu a cikin akwatunan zubi bai daskare ba, akwai wanda aka yanka aka jera a kan katako yana shan iska, ba a buga masa tambari ba, ba a naɗe ba. Ya ci mai, ya ci soda, ya ci wani ɓangare na lada da wuta, amma ba za a iya sayar da shi ba. Wannan shi ne aikin da ba a kammala ba. Na farkon shekara ana ƙara shi, domin bara aka kashe masa wani kuɗi, bana ya fito a matsayin gamammen kaya. Na ƙarshen shekara ana cire shi, domin kuɗinsa yana cikin miliyan 50 ɗin nan, alhali ba ya cikin katan 5,000 da aka gama. A misalinmu na farko N1,800,000 ne, na ƙarshe N2,300,000.

Yadda ake sa masa kuɗi yana bukatar hankali. A sabulu, ana zuba kusan duk ɗanyen kayan tun a tukunya, don haka sabulun da ke kan katako ya riga ya ci nasa mai da soda cif, abin da ya rage masa leda da kwali ne. Lada da ɗawainiya kuwa sai a ƙiyasta inda aikin ya kai. A ce abin da ke shanye zai cika katan 300. Ɗanyen kayansa a kan N6,000 kowane katan ya kama N1,800,000, sai a ƙara kimanin N500,000 na lada da ɗawainiyar da ya ci zuwa inda ya tsaya, wajen rabin hanya. Ga N2,300,000 ɗin. Ƙiyasi ne, kuma babu laifi a hakan, muddin ma'aunin da aka bi bana shi za a bi baɗi.

Ga yadda lissafin yake zama a takarda:

```
Ɗanyen kaya na farkon shekara        2,400,000
Saye                                31,000,000
Kuɗin kawowa                         1,200,000
Cire: kayan da aka mayar              (600,000)
Cire: ɗanyen kaya na ƙarshe         (3,500,000)
Ɗanyen kayan da aka ci              30,500,000
Ladan kai-tsaye                      8,000,000
Sauran kuɗin kai-tsaye               1,500,000
KUƊIN KAI-TSAYE                     40,000,000
Ɗawainiyar masana'anta              10,000,000
                                    50,000,000
Ƙara: aikin da ba a gama ba, farko   1,800,000
Cire: aikin da ba a gama ba, ƙarshe (2,300,000)
KUƊIN KAYAN DA AKA KAMMALA          49,500,000
```

Raba N49,500,000 da katan 5,000 da aka kammala, kowane katan ya tsaya a N9,900. Da adadin da aka kammala ake rabawa, ba da wanda aka sayar ba. Tunda ka ce kuɗin katan yana fito maka daban-daban, ka fara duba wannan. Sannan ka duba ko ka juya aikin da ba a gama ba, ka ƙara na ƙarshe ka cire na farko. In ka yi haka za ka samu N50,500,000, katan ya koma N10,100. Hanyar ganewa: idan aikin da ba a gama ba ya ƙaru a ƙarshen shekara, dole amsarka ta gaza jimillar abin da aka kashe. In ya ragu, ta zarce. Mantawa da bashin ladan Disamba kuwa zai rage maka N80 a kowane katan, kuma ba zai nuna kansa ba sai baɗi, inda zai kumbura lissafin wata shekarar.

A jarrabawar WAEC ko NECO wani lokaci tambaya takan ce an ƙimanta aikin da ba a gama ba a kan kuɗin kai-tsaye kawai. In ka ga haka, ƙarawar da cirewar ana yinsu ne a sashen kuɗin kai-tsaye, kafin a shigo da ɗawainiya. Jimillar ƙarshe ba ta canzawa saboda sauya wuri, amma adadin kuɗin kai-tsaye yana canzawa. In tambayar ba ta ce komai ba, ka bar shi a ƙasa kamar yadda yake a sama.

Gamammen sabulun da ke sito ba ya shiga lissafin masana'anta sam. Wurinsa lissafin ciniki. A ce an shigo shekara da katan 400 na bara a kan N9,000, wato N3,600,000. An ƙara 5,000 na bana. An sayar da 4,800, saura 600. Tunda na bara aka fara fitarwa, ragowar duk na bana ne, a kan N9,900, ya kama N5,940,000. Kuɗin kayan da aka sayar shi ne N3,600,000 a tara da N49,500,000 a cire N5,940,000, wato N47,160,000. In an sayar da kowane katan N12,500, ciniki N60,000,000 ne, ribar farko N12,840,000. Daga cikinta ne za a fitar da albashin ofis, kuɗin motar kai wa 'yan kasuwa kaya, talla, da kason ofis na haya da wuta da muka ware. Ka ga kaya iri uku ne ake ƙirgawa a ƙarshen shekara, kuma kowanne da wurinsa: ɗanye a saman lissafin masana'anta, wanda ba a gama ba a ƙasansa, gamamme a lissafin ciniki. Dukkansu uku kuma suna fitowa a takardar kadarori.

Abin da nake so ka nuna wa yayanka a cikin wannan lissafin shi ne tazarar da ke tsakanin N8,000 da N9,900. Mai masana'anta yakan lissafa mai, soda, kwali da lada a ka, ya samu kimanin N8,000 a katan. Babban dillali ya zo ya ce zai kwashe kaya a N9,500, maigida ya ga ribar N1,500, ya sallama. A gaskiya kowane katan ya fita da asarar N400, tun kafin a taɓa kuɗin ofis da na mota. Irin wannan asarar ba ta bayyana da wuri, domin kuɗi yana ta shigowa, sai lokacin biyan haya ko gyaran inji a tarar babu.

Ka kuma sani cewa N9,900 ɗin nan ba ta zauna daram ba, tana tafiya da yawan abin da aka yi. Haya, raguwar darajar injina da albashin su fomàn sun kai N5,100,000, kuma ba sa raguwa don aiki ya ragu. A kan katan 5,000, kowanne yana ɗaukar N1,020. In man ƙwara ya yi wuya aka yi katan 2,500 kacal, kowanne zai ɗauki N2,040. Don haka kuɗin katan na bara ba abin dogaro ba ne a shekarar da injina suka yi wata huɗu a tsaye. Ƙa'idar IAS 2, wadda ta shafi ƙimanta kayan sito, ta ce a raba irin wannan tsayayyiyar ɗawainiya bisa yawan aikin da masana'anta ta saba yi, abin da ya rage saboda zaman banza a kai shi asarar shekarar, kada a cusa shi cikin darajar kayan da ke sito.

Ɓarna ma haka take. Ɗan abin da ke maƙalewa a tukunya, da gutsattsarin yanka, da nauyin da sabulu ke rasawa idan ya bushe, duk wannan aikin ya gada, kuma kuɗinsa yana bin sauran kayan. Amma in rufin sito ya yi yoyo da damina, buhunan soda na N700,000 suka sha ruwa suka lalace, wannan ba kuɗin yin sabulu ba ne. A cire shi daga ɗanyen kaya a kai shi lissafin riba da asara. In ba a yi haka ba, ƙirgar ƙarshen shekara za ta nuna sito ya ragu, lissafi ya ɗauka tukunya ce ta cinye, katan ya hau da N140 ba dalili. Wannan raunin yana tattare da hanyar "na farko, ƙara saye, cire na ƙarshe": duk abin da ya ɓace daga sito, ko sata ce ko zuba, tana lissafa shi a matsayin wanda aka yi aiki da shi. Maganinsa shi ne mai sito ya riƙa rubuta duk abin da ya fitar zuwa tukunya, fomàn ya sa hannu, a kwatanta da haɗin da aka san kowace tukunya tana ci. Kuɗin da aka samu daga sayar da durom da jarkokin da suka ƙare kuwa ana rage shi ne daga kuɗin ɗanyen kaya ko daga ɗawainiya, ba a haɗa shi da cinikin sabulu.

Saura abu ɗaya da za ka ci karo da shi a littattafai. Wasu kamfanoni suna miƙa kayan daga masana'anta zuwa sashen ciniki a kan farashin da za su saya a waje, don su ga ko yin kayan da kansu ya fi sarowa. In ana samun irin wannan katan ɗin a N11,000 a waje, za a miƙa 5,000 a kan N55,000,000, bambancin N5,500,000 ya zama ribar masana'anta. Sai dai katan 600 da ke sito kowanne yana ɗauke da ribar N1,100 da ba a samu ba tukuna, tunda ba a sayar da shi ba. Dole a ware N660,000 a rage daga riba, a kuma rage daga darajar kayan a takardar kadarori, su koma N5,940,000 ɗinsu. Ga masana'anta irin ta yayanka ban ga bukatar wannan ba, ya isa ya kwatanta N9,900 da farashin waje a gefen takarda. Abin da zai fi amfanarku shi ne ku riƙa haɗa lissafin nan duk ƙarshen wata, da ƙirgar sito iri ukun nan a rana ɗaya, saboda yadda farashin mai da gas suke motsi, kuɗin katan na Janairu ba zai yi muku aiki a Yuni ba.